Idan ta ambaci abokinta ko ya ambaci ƙawarsa tun ana farkon zance: yadda za a bi da kishin da ya taso

Wannan bayanin na yi shi ne don wanda yake farkon neman aure, wato an fara zuwa zance, an yi musayar lamba, ana waya da daddare, amma ba a kai ga gaisuwar iyaye ba balle sa rana. A daidai wannan lokacin ne za ka ji budurwa ana cikin hira ta ce ai wane ɗan ajinmu ne ya taimaka min da rajista, ko saurayi ya ce wance ce ma ta ba ni shawarar in sayi wannan yadin, sai kawai ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji, hirar ta fita daga ranka, kana amsawa da eh da a'a. Mace ma haka take ji, kuma duk abin da zan faɗa ya shafi kowa, sai dai zan fi yin magana da kai saurayi saboda ku kuka fi yin ɓarna da wuri a wannan gaɓar, inda abin ya bambanta ga mace zan faɗa.

Kafin a shiga matakai sai ka fara sanin matsayinka, don mafi yawan rigimar daga nan take tashi. A garuruwanmu yarinya tana iya samun manema biyu ko uku suna zuwa ƙofar gidansu, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi har sai manya sun shiga maganar an tsayar da mutum ɗaya. Kai da ka fara zuwa wata biyu da suka wuce ba ka kai kuɗin gaisuwa ba, ba wani kawunka da ya taka ya je wajen waliyyinta, to ba ka da ikon kafa mata doka. Abin da kake da shi guda biyu ne, kana da damar ka tambaya, kana kuma da damar ka janye in amsar ba ta kwanta maka ba. Ke ma haka, kina iya tambaya kina iya cewa ba ki yi, amma ba ki kai matsayin da za ki ce ya goge lambar wance yanzun nan a gabanki ba. Wanda ya riƙe wannan zai ga sauran matakan sun zo masa da sauƙi.

Matakin farko yana faruwa ne a cikin minti ɗaya ko biyu bayan an ambaci sunan, kuma aikinka a nan shi ne kada ka yi komai. Kada ka ce waye shi kuma da muryar nan da kowa ya san ta, kada ka miƙe ka ce dare ya yi alhali yanzu ka zauna, kada ka kashe waya ka ce caji ne ya ƙare. Ka bar ta ta ƙarasa labarinta, ka ma saurara da kyau saboda a cikin labarin nan ne za ka samu rabin amsar da kake nema. Dalilin da ya sa nake matsa wa wannan, wadda ta faɗi sunan mutum da bakinta ba tare da an tambaye ta ba, a mafi yawan lokuta ba ta ɗauke shi abin ɓoyewa ba ne. In ka nuna mata ɓacin rai a ranar farko, darasin da za ta ɗauka shi ne kada ta ƙara faɗar sunan namiji a gabanka, ba wai ta daina kula shi ba. Ka ga ka rufe wa kanka hanyar da labari yake zuwa maka ke nan, daga ranar sai dai ka ji a bakin mutanen gari.

In ka ji zuciya tana neman fin ƙarfinka, akwai abin da aka koya mana tun muna islamiyya, ka yi a'uziyya a ranka, in a tsaye kake ka zauna, in ka koma gida ka yi alwala. Sannan ka sa wa kanka doka ɗaya, ba saƙo ba kira a kan wannan maganar sai ka kwana ka tashi. Saƙon da aka rubuta ƙarfe 12 na dare ana kwance ana juyi shi ne wanda ake nuna wa ƙawaye da safe, kuma shi ne yake kaiwa kunnen innarta.

Washegari sai mataki na biyu, ka zauna kai kaɗai ka raba abin da ka ji da kunnenka da abin da zuciyarka ta ƙara. Wannan aikin kamar shiƙar gero ne, sai ka ɗaga ka zuba iska ta kwashe ƙaiƙayin kafin ka san nawa ka samu. Me ta ce takamaimai? Ta ce ya taimaka mata da rajista. Me ka ƙara? Cewa kullum suna tare, cewa ya fi ka boko, cewa tana kwatanta ku. Waɗannan ukun duk kai ka kawo su, ba ta faɗa ba. Allah ya ce a cikin Suratul Hujurat aya ta 12 mu nisanci da yawa daga zato domin wani zaton zunubi ne, kuma a ayar dai ya hana bin diddigin asirin mutane. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito daga Jabir ɗan Atik, cewa a cikin kishi akwai wanda Allah yake so akwai wanda yake ƙi, wanda yake so shi ne wanda ya taso a inda akwai abin tuhuma, wanda yake ƙi shi ne wanda ya taso ba tare da wani abin tuhuma ba. Ke nan ba a ce maka kishi haramun ne ba, tambayar ita ce akwai dalili ko babu, kuma ba za ka sani ba sai ka yi wannan tacewar.

A nan ma ka tambayi kanka me ya fi ci maka rai, don sau da yawa ba mutumin ba ne. Saurayin da ya tsaya a sakandare ya kama noma ko sana'a, budurwarsa kuma ta samu shiga kwalejin ilimi ta Gumel ko jami'ar tarayya ta Dutse, abin da yake damunsa tsoro ne kada ta waye ta raina shi. Wanda yake tafiya ci-rani Legas ko Abuja bayan an gama girbi, abin da yake damunsa nisa ne, ya san zai yi wata huɗu ko biyar ba ya gari. Wadda aka taɓa yaudara, wani ya yi ta ce mata wance ƙanwata ce sai ga katin biki, ita tsohon ciwo ne yake tashi. Duk waɗannan abin a tausaya ne kuma ba abin kunya ba ne, amma maganinsu daban da na tuhuma, in ka gane tsoron raini ne yake damunka to maganar da za ka yi da ita a kan makomarku ce, ba a kan ɗan ajinsu ba.

Mataki na uku shi ne ka san wane irin kusanci ne, don kalmar yayana ko ƙanwata a bakinmu tana ɗaukar mutane da yawa kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai muharrami na gaskiya, wa ko ƙane na ciki ɗaya ko na uba, kawu, baffa, ɗan wa ko ɗan ƙanwa, da wanda suka sha nono ɗaya, waɗannan Suratun Nisa'i aya ta 23 ta gama magana a kansu, kishi da su ɓata lokaci ne da jawo wa kai baƙin jini a gidan da kake neman aure. Sai ɗan baffa ko ɗan kawu ko ɗan gwaggo, wanda suka taso tsakar gida ɗaya tana ce masa yaya. Wannan fa akwai aure tsakaninsu, kuma kowa ya san yadda auren zumunci yake a ƙauyukanmu, don haka tambaya a kansa ba rashin hankali ba ne, sai dai tambayar da ta dace ita ce ko manya sun taɓa yin maganar haɗa su, ba wai ko tana sonsa ba. Ka kuma tuna da wasan taubasai, ɗan mace da ɗan namiji suna tsokanar juna har ya ce mata matata a gaban kowa a yi dariya, baƙon da bai san gidan ba sai ya ɗauka da gaske ne. Sannan akwai na waje gaba ɗaya, ɗan aji, abokin aiki a asibitin gari ko makarantar da take koyarwa, mai shagon da take kai ɗinki, wanda suka haɗu a guruf ɗin tsofaffin ɗalibai. Na ƙarshe kuma wanda ya fi kowa buƙatar a buɗe ido, tsohon saurayi ko tsohuwar budurwa da aka sauya wa suna aka ce yanzu mutunci kawai ake yi.

Yadda za ka san wanne ne ba sai ka yi bincike a ɓoye ba, tambayarta za ka yi, shi ne mataki na huɗu kuma a nan zan daɗe.

Ka zaɓi lokacin da kuke ido da ido a wajen zance, a zaure ko ƙofar gida inda aka saba, ba ta waya ba kuma ba a rubuce ba, don rubutu ba ya ɗaukar murya, kalma ɗaya za ta karanta ta da faɗa alhali kai da lallami ka rubuta. Kada ka yi a gaban abokinka da ya rako ka ko ƙawarta ko ƙannenta da suke kai-kawo, ka jira su ɗan matsa. Kada kuma ka buɗe hirar da ita, a gaisa a tambayi mutanen gida a ɗan taɓa wata hirar tukuna.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce saurayi ne mai shagon caji da sayar da kati a wani ƙauye a ƙasar Ringim, yana neman wata yarinya da take karatu a Gumel, tana dawowa gida hutu. Wata uku ke nan da fara zancensu, iyayenta sun san yana zuwa amma ba a kai komai ba. A hira uku a jere ta ambaci wani ɗan ajinsu, ranar farko ta ce shi ya cike mata fom, ta biyu ta ce shi ya tura mata takardun karatu ta WhatsApp, ta uku kuma suna zaune wayarta ta yi ƙara ta duba ta ce shi ne, ta ɗauka a gabansa suka gaisa ta ce tana da baƙo za ta kira shi gobe. Saurayin ya koma gida bai yi barci ba.

In ya yi tacewar da muka ce zai ga abin da yake hannunsa ba shi da yawa. Ita ta fara faɗar sunan, duk maganar a kan karatu ce, kiran ya shigo bayan isha'i ne ba tsakar dare ba, ta ɗauka a gabansa ba ta tashi ta shiga gida ba. Abu ɗaya ne ya rage da za a iya tambaya a kai, ta ce tana da baƙo, ba ta ce wanda zai aure ta ba ne. To amma shi ma ya tambayi kansa, ya ba ta dalilin da za ta kira shi da wani suna da ya wuce baƙo? Bai turo kowa ba.

Ran da ya koma, bayan an gaisa, abin da ya dace ya ce shi ne kamar haka: “Ranki ya daɗe akwai wata 'yar magana da nake so in yi, kuma don Allah kar ki ɗauka zargi ne. Na ji kina yawan ambaton wane, gaskiya na ɗan ji wani abu a raina, na ga gara in tambaye ki da bakina da in je ina saƙe-saƙe. Yaya kuke da shi?” Daga nan sai ya yi shiru. Wannan shirun yana da wuya amma shi ne aikin, kada ya cika wajen da ƙarin tambayoyi, kada ya ce tun yaushe, sau nawa yake kira, me ya sa shi kaɗai. Tambaya ɗaya, a bar ta ta amsa.

Ka lura da abin da babu a cikin maganar. Bai ce na san abin da kuke yi ba, bai zagi mutumin ba, bai ce duk 'yan makaranta haka kuke ba, bai kuma lissafa toshin da ya yi mata ba. Wannan na ƙarshen don Allah a kiyaye shi, da zarar ka ce bayan duk abin da nake kashe miki, ka mayar da kyautarka bashi, kuma yarinya mai zuciya gobe za ta aiko ƙaninta da kayanka a leda.

Yanzu amsar. In ta yi 'yar dariya ko ta ɗan ji kunya ta ce haba Yaya, ai ɗan ajinmu ne, shi ne ma shugaban aji kowa shi yake nema, yana da wadda zai aura a garinsu, Inna ma ta san shi don ya taɓa kawo min saƙo gida, to wannan amsa ce mai ƙofofi a buɗe, ta ba ka abubuwan da in ƙarya ne za su tonu da kansu. Ka karɓa, ka ce na gode da kika faɗa min hankalina ya kwanta, kuma ka bar maganar da gaske, ba wai ka ajiye ta don ranar faɗa ba. In kuma ta ɓata rai ta ce yanzu zargina kake, wannan shi kaɗai ba shaida ba ce, mutum mai gaskiya ma yana jin zafin a tuhume shi, ka ce a'a ba zargi ba ne tambaya ce, ka ba ta kwana biyu. Abin da za ka sa wa ido shi ne abin da zai biyo baya.

Alamomin da suke nuna akwai magana ba su da yawa kuma ba sa buƙatar leƙen asiri. Labarin yana sauyawa, yau ɗan aji ne, wani satin ɗan ƙawar Inna ne. Sunan da aka saba ji ya ɓace ɗif daga bakinta amma wayar ta koma kife ko a sailen duk ran da ka zo. Kira yana shigowa sai ta tashi ta yi nisa. Ba wanda ya san shi a gidansu, ko kuma shi bai san da zamanka ba bayan an daɗe. Yana yi mata irin hidimar da manemi ne kawai yake yi, kayan salla, sabuwar waya, kuɗin kitso. Suna keɓewa su biyu a inda ba kowa, wanda wannan addini ma ya hana ko da kai ba ka cikin lissafi. Guda ɗaya daga ciki in ya faru sau ɗaya ba ya yanke hukunci, amma biyu ko uku suna maimaituwa to ba zato kake ba.

Akwai kuma abubuwan da samari suke ɗauka alama alhali ba komai ba ne, kuma sun raba mutane da yawa a banza. Ka kira ka ji layi bizi. Ka gan ta online ƙarfe 11 ba ta amsa maka ba. Ta sa hoton 'yan ajinsu a status da maza a ciki. Kai da kake ƙauye ka fi kowa sanin wayar gida ɗaya mutum nawa suke taɓa ta, ƙanwa ta ɗauka ta yi kallo, Inna ta karɓa ta kira 'yar'uwarta a Hadeja ta yi rabin awa, ko wayar ma tana shagon caji tun la'asar da data a kunne. A misalinmu saurayin shi ne ma mai cajin, wato wata rana wayarta za ta kwana a hannunsa. Kada ya buɗe. Amana ce aka ba shi, kuma ko bai ga komai ba ya riga ya koya wa kansa hali, gobe sai ya ƙara, in kuma ya ga wani saƙo rabi ba zai iya tambaya ba sai ya tona wa kansa asiri. Haka sa ƙaninta ko almajirin gidansu ya riƙa kawo maka rahoto ana ba shi na alewa, a gari ƙarami wannan ba ya ɓuya, kuma ran da babanta ya ji sunanka ya ɓaci a gidan.

Mataki na biyar, in amsar ta yi kyau amma har yanzu akwai wani abu takamaimai da yake damunka, ka roƙi abu ɗaya ko biyu ƙanana waɗanda za a iya yi, kuma waɗanda kai ma za ka yi. Kar ka ce ki rabu da shi, yarinyar da take aji ɗaya da mutum shekara uku ba za ta iya daina gaishe shi ba, in ka tilasta ta za ta ce to sannan ta ci gaba a ɓoye, ka koya mata ƙarya da hannunka. Saurayinmu zai iya cewa “abu biyu nake roƙo, in ba matsalar karatu ce ta gaggawa ba a bar kiran dare, sannan ina so ya san da maganata.” Na biyun nan shi ne gwajin da na fi yarda da shi a duk wannan sha'anin. Abokin da ba shi da wata manufa in aka ce masa ga wanda zan aura sai ya ce Allah ya sanya alheri, wani ma ya karɓi waya ku gaisa. Wanda yake da manufa ko dai ya ja baya ko ya fito fili, kowanne ya faru ka huta. In kuma ita ce ta ƙi yarda ya sani, tana ta kawo dalili wata bayan wata, to ka samu amsarka ba tare da ka taɓa wayar kowa ba.

Amma fa ka shirya jin naka. Tana iya cewa to kai 'yan matan da suke zama a bencin shagonka suna jiran caji ana ta shewa fa, da wadda take ce maka yayana tana turo maka abinci? In ka ce ai ni namiji ne, ka rushe duk abin da ka gina. Kasuwanci dole ka yi da kowa, amma hirar awa ɗaya da karɓar kwanon abinci ba kasuwanci ba ne, abin da ka nema a wajenta ka fara yinsa.

Ke kuma 'yar'uwa, naki yana da wani ƙarin nauyi da ya kamata a faɗa. Da yawa za su ce miki ai namiji mijin mace huɗu ne ki yi shiru, wasu ma su ce kishi tun ba a shiga ba rashin kunya ne. Halaccin ƙarin aure daban, mutum ya riƙa neman ku biyu yana ce wa kowacce ɗayar ƙanwarsa ce daban, wannan yaudara ce kuma kina da haƙƙin ki sani kafin a karɓi kuɗinsa. Ki tambaye shi cikin ladabi, “Malam wai wance da kake yawan faɗa 'yar gidanku ce ko yaya kuke?” ki ji amsa, sannan ki lura ko ita ta san da ke. Abin da ba na so ki yi shi ne ki karɓi lambarta ki kira ta, ko ki tare ta a gidan biki ko hanyar islamiyya, ko ki sa habaici a status. Alƙawari tsakaninki da shi ne, ita ba ta yi miki alƙawarin komai ba, wataƙila ma ita ma abin da ya faɗa miki ya faɗa mata. In abin ya shige miki duhu ki gaya wa yayarki ko gwaggonki, su suna da hanyar da za su san ko ana kai kayansa wani gida ba tare da sunanki ya fito ba, kuma binciken da iyaye suke yi a kan manemi abu ne da aka saba, ba shi ne bin diddigin da aka hana ba.

Wanda ya ambaci abokin shi ma yana da aiki, kada a bar wa mai kishi kaya shi kaɗai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi matarsa Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya taso zai raka ta, wasu mutum biyu daga Ansar suka wuce suka ƙara sauri, sai ya ce musu su tsaya a hankali, Safiyya 'yar Huyayyu ce, ya kuma bayyana musu cewa shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar yadda jini yake gudana. Ba su tambaye shi ba, shi ya fara bayani. Don haka in za ki ambaci namiji ki haɗa da ko waye shi tun a jimlar farko, in za ka ambaci mace ka yi haka. Masu ambaton wani da gangan don su gwada ko ana kishinsu kuwa, ku bari don Allah, wanda aka gwada in ya gane ba ya ƙara yarda da maganarku ko ranar da kuke faɗin gaskiya.

Saura mataki na ƙarshe, wato sanin lokacin da za a daina maimaita magana. Ka yi tambaya sau ɗaya, ka yi roƙo sau ɗaya, in ya kama ka tuna sau ɗaya, ka ba abin kamar wata guda kana kallo. In an gyara kuma hankalinka ya kwanta, to maganin sauran kishin yana hannunka, ka tura manya. Yawancin wannan wahalar ta zaman rashin tabbas ce, shekara biyu kana zuwa zance ba gaisuwa ba sa rana kana kuma so a kore maka kowa, ba gidan da zai yarda da haka. Da zarar an karɓi gaisuwarka an tsayar da kai, addini ya hana wani ya yi nema a kan nemanka, iyayenta da kansu za su tsaya maka. In kuma alamomin nan sun ci gaba, ka janye da mutunci, ka gaya mata dalili a taƙaice, kada ka je majalisa ko wajen mai shayi kana ba da labarinta, 'yar mutane ce kuma aure za ta yi a garin nan.

In kuwa ta yi duk abin da ka roƙa, an gabatar da kai, kiran dare ya tsaya, amma kai har yanzu kana duba last seen ɗinta sau goma kafin ka kwanta, kana jin haushin mai adaidaita da ya ɗauko ta da malamin da ya gaishe ta, to matsalar ta tashi daga kanta ta dawo kanka, kuma ɗaurin aure ba zai warkar da ita ba, sai ma ta samu wajen zama. Ka samu wani babba da kake jin nauyinsa, kawunka ko limamin unguwarku, ka faɗa masa yadda kake ji ba tare da ka ɗora mata laifi ba, ka dakata da maganar sa rana har ka ga ka iya kwana ba ka bincike ta ba. Ke kuma in tun yanzu ya fara karɓar wayarki da ƙarfi, yana rantsuwar zai yi miki kaza in ya ƙara ganinki da wane, ko ya taɓa ɗaga miki hannu, kada ki bari ƙawaye su ce miki tsananin so ne, ki gaya wa Inna ko Baba a ranar, tun kafin a karɓi lefe.